Idan Jini Ya Yi Kauri: Ƙishirwa Ce Ko Ɓargo Ne Ya Ƙi Jin Magana?

A asibitocinmu ƙarancin jini aka saba gani, shi ya sa idan takardar gwaji ta nuna PCV ya kai 54, sau da yawa maras lafiya murna yake yi. Ni kuwa wannan lamba tayar mini da hankali take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce a fara bincike idan himogulobin ya haura 16.5 ga namiji ko 16 ga mace, ko PCV ya wuce 49 ga namiji, 48 ga mace. Wannan hali shi ake kira polisaitimiya, kuma daban yake da hawan jini.

PCV ba ya ƙidaya jajayen ƙwayoyi, kasonsu kawai yake nunawa a cikin jinin gaba ɗaya. Kamar koko ne: yana kauri idan an ƙara gasara, yana kuma kauri idan ruwa ya gaza. A ce mutum na da jini lita 5, ƙwayoyi lita 2.25, sauran ruwa. PCV ɗinsa 45 ke nan. Gudawa da zafin Afrilu su kwashe mililita 700 daga ruwan, sai lissafi ya koma 2.25 cikin 4.3, wato 52, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba.

Don haka ana farawa da tambayoyi. Ya yi amai ko gudawa? Yana shan maganin sa fitsari? Da yamma aka ɗebi jinin yana azumi? Bushewa tana barin sawu: fitsari ya yi ja ya ragu, yuriya da albumin su hau tare da PCV. Sai a ba shi ruwa, a sake gwaji bayan mako ɗaya ko biyu. In bushewa ce, lambar za ta sauka. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ce wa mutum "ka yawaita shan ruwa" a sallame shi, ba wanda ya sake dubawa. PCV da ya wuce 60 ga namiji ko 56 ga mace kuwa ba a jingina shi ga ƙishirwa.

Mu ɗauki misalin magidanci mai shekara 62. Ya sha ruwa, an maimaita, himogulobin 18.4, PCV 55. Kansa na ciwo, idanunsa sun yi ja, yana fama da ƙaiƙayi duk lokacin da ya yi wanka da ruwan ɗumi. Ba ya shan taba, iskar jininsa kashi 97, ba ya allurar testosteron. Saifarsa ta kumbura, fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini su ma sun hau. A nan ne ake neman gwajin EPO.

EPO, wato iritiropoyetin, sinadari ne da ƙoda ke fitarwa idan ta ji iskar oksijin ta gaza, ya je ya umarci ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Mai ciwon huhu, da mai shaƙewa cikin barci, da mazaunin tsauni mai tsayi, ƙodarsu ce ke neman ƙari, shi ya sa EPO ɗinsu kan hau ko ya tsaya daidai. Haka ma wasu nau'o'in ciwon ƙari na ƙoda da na hanta, waɗanda ke zuba sinadarin da kansu. Amma idan himogulobin na sama EPO na ƙasa, ƙoda ta riga ta yi shiru saboda ta ga jini ya wadata, ɓargo kuwa bai daina aiki ba. Matsalar tana cikin ɓargon. Mafi yawanci polisaitimiya bera ce, cutar da Louis Henri Vaquez ya bayyana a 1892. A 2005 aka gano sauyin halitta na JAK2 V617F, wanda ake samu a kusan kashi 95 na masu ita, yana barin ƙwayar tana hayayyafa ko ba umarni.

Sai dai EPO bai isa hujja shi kaɗai ba. Wasu masu cutar nasu daidai yake fitowa, ɗibar jini kafin gwaji ma na iya ɗaga shi. Saboda haka a auna shi kafin a ɗebi jini, a tabbatar da gwajin JAK2, wani lokaci har da duba ɓargo.

Haɗarin shi ne gudan jini: shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, toshewar jijiyoyin hanta. Magidancin namu za a riƙa ɗibar masa kimanin mililita 450 har PCV ya sauka ƙasa da 45, iyakar da binciken CYTO-PV na 2013 ya nuna tana rage waɗannan masifu. Za a ba shi asfirin ƙarami kullum idan ba abin da ya hana, kuma tunda ya haura shekara 60, a ƙara masa haidiroksiyuriya, maganin da masu sikila suka sani. Ɗibar jini za ta rage masa sinadarin ƙarfe, ƙwayoyinsa su ƙanƙance. Kada wani ya ga haka ya sayo masa maganin ƙarin jini a kemis, domin ƙarfen shi ne abin da ɓargon ke jira, cikin 'yan makonni PCV ya sake hawa.