Yaushe Kayan Za Su Iso? Abin da Ya Kamata Mai Shagon Intanet Ya Rubuta a Ƙasan Hoto

Hausawa mazauna Ingila da Amurka da sauran ƙasashe sun buɗe ƙananan shaguna a Instagram da WhatsApp, suna sayar wa 'yan'uwa atamfa da shadda da leshi, haɗe da yaji da daddawa da kuka. Hotunan kayan sukan yi kyau. Inda ake samun saɓani shi ne ɗan rubutun da ke ƙasan hoto, musamman wurin da aka ce "kaya na isowa cikin kwana 7 zuwa 10".

Mai shago ba ƙarya ta shirya ba. Abin da ɗan kago ya faɗa mata ta kwafa. Sai dai shi daga ranar da jirgi ya tashi yake fara ƙirga, kuma ranakun aiki kawai yake lissafawa, ban da Asabar da Lahadi. Ita kuwa mai saye, daga lokacin da ta tura kuɗi take fara duba kalanda.

A ce wata baiwar Allah tana da shago a Manchester, ƙanwarta ce ke yi mata sari a Kano. Wata uwa a Leeds ta biya kuɗin turmi biyu na atamfa da ƙullin daddawa ranar Alhamis. Ƙanwar ba za ta shiga Kantin Kwari saboda turmi biyu ba, sai ta tara oda zuwa Litinin. Laraba ta miƙa wa ɗan kago, shi ma ya jira kayansa su taru, jirgi ya tashi Juma'a. Kwana takwas ke nan sun wuce ba a ma fara ƙirga goman da aka yi alkawari ba. Ranakun aiki goma mako biyu ne cif. Bayan haka mai shago ta karɓa, ta rarraba, ta sa a gidan waya, kayan su isa Leeds ranar Talata. Kwana 26 aka yi, alhali 10 aka rubuta. Babu wanda ya yi sakaci, amma mai saye ta riga ta ƙullaci shagon.

Maganin wannan yana cikin rubutun. A raba kaya gida biyu: wanda yake hannu a can, da wanda sai an taho da shi daga gida. A faɗi ranar da ake rufe karɓar oda, sannan a ba da lissafin da ya fara daga ranar biyan kuɗi. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Atamfa, turmi yadi 6. Kalolin da ke hoto na ɗaya suna nan Manchester, za su iso gidanki cikin ranakun aiki 3. Sauran daga Kano za su taho: muna rufe oda kowace Lahadi, ki sa ran kayanki cikin mako 3 zuwa 4 daga ranar da kika biya. Idan kwastan suka riƙe kaya za mu sanar da ke a ranar. Kayan yaji a ƙunshi dabam suke zuwa. Ba ma aika kilishi."

Zancen kilishin yana da dalili. Birtaniya ta hana shigo da nama a ƙunshin mutum daga ƙasashe irin Nijeriya da Nijar, Amurka ma tana da tsauri a kan haka, kuma leda ɗaya tana iya jawo a tsare kwali guda da kayan mutane da yawa a ciki. Garin da ba a rubuta sunansa a jiki ba, kamar kuka ko yaji, shi ma yakan sa a buɗe kaya a bincika. Raba ƙunshi kuwa saboda daddawa ne, don idan ta yi mako biyu a kwali ɗaya da shadda, sai an sha wanki kafin warin ya fita.

Mai shago a Birtaniya ta kuma san cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce idan ba a yi yarjejeniya kan wani lokaci ba, dole kaya su isa cikin kwana 30. Kwana 26 na misalinmu sun kusa cinye wannan wa'adi.

Lokacin Sallah ne abin ya fi zafi, domin mai sayen atamfa ɗinki za ta kai. Teloli a can ba su da yawa, kuma ko an ba tela mako biyu kawai, idan aka haɗa da huɗun hanya sun zama shida. Azumi kwana 29 ne ko 30, saboda haka odar kayan ƙaramar Sallah daga Kano a tsakiyar Sha'aban ya kamata a rufe ta. Masu shaguna, ku rubuta wannan ranar ƙarara a layin farko, tun kafin ku faɗi farashi.