Koyar da iyalin mai ciwon baifola ba da takarda ba

Ciwon baifola larurar ƙwaƙwalwa ce mai fuska biyu. Wani lokaci mai ita yakan daina barci, ya yi ta surutu, ya ɓarnatar da dukiya, yana jin babu kamarsa. Wani lokacin kuma baƙin ciki ya danne shi makonni. Tsakanin biyun yakan dawo garau, kuma a nan ne iyali suka fi cewa ya warke, a ajiye magani. Wasu tun farko sukan danganta abin da iska ko sammu.

Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano da na Kware a Sakkwato suna karɓar iyalai da yawa da ba su yi karatun boko ba. Takardar bayani ba ta amfane su da komai, don haka da baki ake koyarwa, kuma a kira wanda zai riƙe maganin a gida, uwa ce ko mata ko wa. Saƙon farko shi ne ciwon kamar hawan jini yake: magani na danne shi, amma yana nan. Ba a faɗa da addu'a ko ruƙiyya; roƙon kawai a haɗa su da magani.

A ɗauki magidancin da aka rubuta wa litiyam, ƙwaya ɗaya safe, ɗaya dare. Maimakon agogo, sai a ɗaura shan maganin a kan salla: bayan Asuba da bayan Isha'i. A zana rana a jikin ambulan ɗaya, jinjirin wata a ɗayan. Kwana 30 ƙwaya 60 ke nan. Idan ranar komawa asibiti aka tarar da saura 10, an tsallake sau goma, kuma abin tambaya shi ne dalili: mantuwa, rawar hannu, ko tsoron kada maganin ya ƙare babu kuɗin wani. Kowanne da gyaransa.

Kafin su tashi, ma'aikacin lafiya ba zai tsaya a "kun gane?" ba, domin kunya kan sa a amsa da "e". Sai ya ce: "Mama, in kin koma gida, yaya za ki bayyana wa Malam?" Inda ta yi tuntuɓe, nan za a maimaita.

Alamu biyu ne dole su haddace. Raguwar barci dare biyu ko uku ba tare da gajiya ba na iya nuna ciwon zai tashi, a koma asibiti. Amai, gudawa, rawar jiki mai tsanani da tangaɗi kuwa alamar litiyam ya yi yawa a jini ne. A dakatar da shi, a garzaya asibiti a ranar. Ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara ko azumi na jawo haka, haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Shi ya sa ake neman shawarar likita tun kafin watan Ramadan ya kama.