Jawabin buɗe gasar gem a Guri: abin da ya kamata a faɗa kafin a taɓa hannu

A garuruwa irin su Guri, gasar gem ta matasa kusan kullum ta ƙwallon ƙafa ce, a PS, a shagon mai gem ko gidan kallon ƙwallo, da talabijin ɗaya ko biyu da janareta a waje. Wasan ko dai FIFA ne, wanda kamfanin EA ya sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, ko PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, kodayake yara har yau tsofaffin sunayen suke kira. Kafin a fara, akan ba wanda ya haɗa taron dama ya yi jawabi. Yawanci sai ya yi sallama, ya gode wa bulama da iyayen unguwa, ya ce a yi wasa tsakani da Allah, a riƙe zumunci, ya zauna. Babu laifi a cikin wannan, sai dai bai isa ba. Rigimar da ke tashi a gasar gem tana da wurare sanannu da take fitowa, kuma jawabin buɗewa shi ne lokaci ɗaya tilo da kowa ke saurare, babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Dokar da aka faɗa a lokacin ta kowa ce. Wadda aka fito da ita bayan an zura wa wani ƙwallo biyu kuwa, son kai za a kira ta, ko da daidai ce.

Abu na farko da mai jawabi zai bayyana shi ne yadda za a haɗa 'yan wasa. A ɗauka yara 24 suka yi rajista, daga cikin garin Guri da Kadira da Lafiya da Musari, kuma gasar ta sili ɗaya ƙwale ce. Irin wannan tsari ba ya tafiya daidai sai da mutum 8 ko 16 ko 32, don haka da mutum 24 dole wasu su tsallake zagayen farko ba tare da sun buga ba. Lissafin mai sauƙi ne: a cire 24 daga 32, saura 8. Mutum 8 ke nan za su zauna, sauran 16 su buga wasa 8, waɗanda suka yi nasara su haɗu da na zaune a koma 16 cif. To su wa za su zauna? A nan ake fara zargin mai shirya gasa. Idan aka wayi gari ƙaninsa da abokan mai shago ne suka tsallake, babu wa'azin da zai wanke shi. Maganin shi ne a rubuta sunaye a 'yan takardu, a zuba a hula, a kira ƙaramin yaron da ba ya cikin gasar ya riƙa zaro su a gaban kowa, a rubuta jadawalin a allo ko kwali a manna a bango. Mai jawabi ya faɗi haka da bakinsa, sannan a yi ƙuri'ar nan take kafin jama'a su watse.

Lokaci ma a faɗe shi da lissafi. A FC, idan an sa kowane rabin wasa minti 6, wasa ɗaya minti 12 ne a agogo, amma da zaɓen ƙungiya da shirya 'yan wasa da canji da bugun fenareti yakan kai minti 20. Gasar mutum 24 tana da wasa 23, domin kowane wasa mutum ɗaya yake fitarwa. Da talabijin biyu, aikin ya kai awa huɗu, ban da hutun salla. Wanda ya fara bayan La'asar zai kai bayan Isha'i, alhali yaron da ya zo daga ƙauye a kan babur yana da hanyar fadama a gabansa. Shi ya sa ya fi kyau a fara da hantsi, ko a raba gasar kwana biyu, a kuma sanar tun farko cewa da an kira salla za a ajiye hannu. Haka nan ba a sa gasa a Agusta ko Satumba, lokacin da ruwan kogin Haɗeja ke cika fadamu yana yanke wa wasu ƙauyuka hanya, sannan a ce wanda bai zo ba an cinye shi. Bayan girbi ko hutun Sallah ya fi dacewa.

Sai babbar matsalar, wato wuta. Ko ta NEPA ce ko ta janareta ko sola, tana iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa, kuma wanda ake ci kullum cewa yake a sake daga farko, wanda ke ci kuma ya ce ai wasa ya ƙare. Dokar da ta fi adalci ita ce a ajiye wani a gefen kowace talabijin da biro da takarda, yana rubuta kowace ƙwallo da mintin da aka ci ta. Idan wuta ta ɗauke a minti na 60 ana 2 da 1, sai a kunna sabon wasa da ƙungiyoyin nan dai, a buga minti 30 na agogon allo, wanda bai wuce minti 4 na gaskiya ba, a haɗa da ƙwallayen baya. Idan akwai wanda aka ba jan kati kafin ɗaukewar wutar, a faɗi tun yanzu yadda za a yi da shi, domin sabon wasa zai dawo da kowa da mutum 11. Wannan bayani ba ya cin minti ɗaya a jawabi, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hannun gem ma yana da nasa rikicin. Hannun shago yana shan wahala, ga ƙura ga gumi, kuma idan sandarsa ta gaji takan riƙa jan ɗan wasa gefe ɗaya ko ba a taɓa ta ba. Gane wannan ba wuya: a shiga wasa, a ajiye hannun a ƙasa, a duba ko ɗan wasan yana motsi da kansa. Dokar ita ce kowa ya gwada hannunsa kafin a take wasa, ya shirya maɓallansa yadda ya saba, domin wani da da'ira yake buga ƙwallo raga, wani da murabba'i. Da zarar an take, babu ƙorafin hannu. Idan ɗaya ya fi ɗaya kyau kuma babu na canji, a yi musaya bayan hutun rabin lokaci. Dakatar da wasa kuwa, sai ƙwallo ta fita ko an busa laifi. Wanda ya danna `Options` daidai lokacin da abokin karawarsa ya tunkari gola ya yi maguɗi, ko da ya rantse hannunsa ne ya zame, kuma a faɗi hukuncinsa a fili: gargaɗi a karon farko, a na biyu a ba abokin karawarsa ƙwallo ɗaya.

Zaɓen ƙungiya ba ya buƙatar dogon bayani. Kowa Real Madrid ko Manchester City yake so, to ko dai a yarda mutum biyu su ɗauki ƙungiya ɗaya da riga daban, ko a jefa kwabo. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙungiyar da mai shago ya shiga ya ƙara wa 'yan wasanta ƙarfi.

Akwai maganar da masu jawabi ke kauce wa, kuma a ganina ita ce iyayen da ke zaune a gaba suka fi son ji: kuɗi. Idan kowane yaro ya biya naira 500, an tara 12,000. Ina za su? Mai jawabi ya faɗa dalla-dalla, nawa ne na man janareta, nawa ne na mai shago, nawa ne na ruwan sha. Game da kyauta, malamai da yawa suna ganin idan daga kuɗin da 'yan wasa suka zuba aka ɗebi abin da za a ba zakara, ya zama caca, tunda kowa ya sa kuɗinsa ne don ya ci na wasu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce kyautar ta fito daga wani da ba ya cikin gasar, ɗan kasuwa ko ƙungiyar matasan unguwa, kuɗin rajista kuma su tsaya a hidima. 'Yan kallo ma a gaya musu babu sa kuɗi a kan wasa. Mafi yawan ihu da zagin da ake yi wa yaron da ya ɓarar da fenareti, daga bakin wanda ya sa ɗari biyu a kansa yake fitowa.

A nan ne maganar zumunci ke samun wurin zama. Guri ƙasa ce ta masarautar Haɗeja da ke bakin iyakar Yobe, inda Hausawa da Mangawa da Badawa da Fulani ke zaune, manomi da masunci da makiyayi duk a fadama ɗaya, kuma kowa ya san ba kullum ake kwana lafiya a kan gona da burtali ba. Yaran da za su zauna benci ɗaya a gaban talabijin 'ya'yan waɗannan gidaje ne. Hana tsokana gaba ɗaya ba zai yiwu ba, bai ma kamata ba, domin ita ce daɗin wasan, kuma barkwanci tsakanin Fulani da Barebari ya girmi kowa a wurin. Iyaka kawai za a ja mata. Mai jawabi zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, iyayenmu, mun gode da kuka zo. Ku kuma ƙannena, wanda ya ci wani biyar da nema, ya yi masa dariya son ransa, amma dariyar ta tsaya a kan ƙwallo. Ba a ambaton iyaye, ba a ambaton ƙabila ko sana'ar gidan wani. Wanda ya yi zagi ya fita daga gasar, ko da shi ne ya fi kowa iyawa. Kafin wasa a yi musabaha, bayan wasa a yi musabaha, kuma wanda aka cire ya zauna ya kalli na ƙarshe." Jumlar nan ta "ko da shi ne ya fi kowa iyawa" tana da nauyi, saboda yara sun san gwanin unguwa ake ɗaga wa ƙafa, kuma za su zuba ido su ga ko da gaske ake.

Daga nan sai a nuna alƙali, a kira sunansa ya miƙe tsaye. Kada ya zama mai buga gasar, kada ya zama mai shago, kuma idan ɗan'uwansa zai buga, wani ya karɓe shi a wannan wasan. Shi kansa mai shirya gasar ya ce a gaban jama'a ba zai warware hukuncin alƙali ba, domin idan ya bar wannan ƙofa a buɗe, duk wanda aka cire wurinsa zai nufo.

Duk wannan bai kamata ya wuce minti biyar zuwa bakwai ba. Yaran hannu suke son riƙewa, kuma idan janareta na kunne, kowane minti na jawabi mai yake sha. A gajarta gaisuwa, a bar tarihin yadda aka sha wahalar haɗa taron, a rubuta dokokin a kwali kusa da jadawali don wanda ya zo a makare, sannan a tambaya sau ɗaya da babbar murya ko akwai wanda bai yarda da wata doka ba. Idan an yi shiru, a kawo hular ƙuri'a.