Ba sai wawa ko makwaɗaici ake damfara ba

Da zarar an ji labarin wani ya faɗa hannun 'yan damfarar intanet, hukuncin da ake yankewa a majalisa ɗaya ne: ko dai wawa ne, ko kuwa kwaɗayi ya ja shi. Masu faɗin haka yawancinsu dattawa ne masu hankali, kuma nufinsu jan kunne ne, ba cin mutunci ba. Ina girmama wannan nufi. Sai dai maganar rabinta gaskiya ne, rabin da ya rage kuma yana yi wa 'yan damfara aiki ba tare da sun biya ko kwabo ba.

Mu fara da inda suka yi daidai. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma damfarar da ake kira 419 a kansa aka gina ta: a yi maka alkawarin dukiya mai yawa, a ce sai ka ba da kafin alƙalami za a sake ta. Tsakanin 1995 da 1998, Emmanuel Nwude da abokansa sun karɓe dala miliyan 242 daga hannun Nelson Sakaguchi, babban jami'i a bankin Noroeste na Brazil, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja. Nwude ya sa rigar gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka kuma yi wa Sakaguchi alkawarin kamasho mai tsoka. Kwaɗayi kam akwai shi. Amma wauta fa? Mutumin nan ma'aikacin banki ne da ya ƙware a harkar kuɗi tsakanin ƙasashe. Wani bincike da Jami'ar Exeter ta yi wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya gano cewa da yawa cikin waɗanda aka damfara sun fi sauran mutane sanin fannin da aka cuce su a ciki. Sanin ne ya sa suka yarda da idonsu.

Inda maganar ta rushe gaba ɗaya shi ne damfarar soyayya. A 2019, masu gabatar da ƙara a Los Angeles sun tuhumi mutum 80, akasarinsu 'yan Najeriya, kuma a takardun ƙarar akwai labarin wata mata 'yar Japan da aka sakaya sunanta. A watan Maris na 2016 ta haɗu da wani a shafin neman abokan wasiƙa. Ya ce shi kyaftin ne a sojan Amurka, yana aiki a Siriya, kuma doka ta hana shi magana ta waya a fagen daga. Da wannan uzuri guda ya toshe kira da ganin fuska. Suka shafe makonni suna musayar saƙo kullum, bai nemi komai ba. Sai da shaƙuwa ta yi nisa ya ce ya tsinci jakar lu'ulu'u, kuma babu wanda ya amince wa ya ajiye masa sai ita. Daga nan wasu mutane suka shigo: wannan jami'in jigila, wancan ma'aikacin diflomasiyya. Kaya sun maƙale a kwastan, a biya. An biya, sai ga haraji. An biya, sai ga wata takarda. A cikin wata goma ta tura kuɗi tsakanin sau 35 zuwa 40, jimilla kusan dala dubu 200, mafi yawansu rance ne daga ƙawaye da 'yar uwarta, har da tsohon mijinta. Da ta fara ja da baya, aka yi mata barazanar kamu.

Mai gardama zai ce ai ga lu'ulu'u nan a labarin. To, amma a dubi lokacin da ya bayyana. Da a saƙon farko aka ambace shi, da wuya ta kula. An kawo shi ne bayan ta riga ta saba da mutumin da ke tambayar yadda ta kwana, kuma an kawo shi a matsayin amana, ba ciniki ba. A wasu lokutan ma babu wata riba da ake nunawa: ɗansa ne a asibiti, ko an rufe masa asusu, ko kuɗin jirgin da zai zo a ɗaura aure. Abin da aka kama a jikin mai biyan shi ne tausayi da cika alkawari, halayen da muke yabo a ko'ina.

Me ya sa ba ta tsaya bayan biya na biyar ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi ba mutane mamaki, amsarta kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Kowane biya ana gabatar da shi a matsayin na ƙarshe. Wanda ya riga ya zuba dubu ashirin, in ya tsaya, ya yarda ke nan cewa kuɗin sun tafi, kuma masoyin da ya yi watanni yana hira da shi babu shi a duniya. Ƙara dubu biyu ya fi wannan sauƙin haɗiya. Ga bashin 'yan uwa, wanda yake ganin ba zai biyu ba sai kayan sun iso. Tun farko kuma an roƙe shi ya ɓoye maganar, don haka babu mai ce masa tsaya.

A ɗaya ɓangaren kuma ba yaro ɗaya ba ne da wayarsa. Ƙungiya ce mai rabon aiki: mai satar hotunan wani bawan Allah ya buɗe shafi, mai hira da rubutattun kalaman da aka gwada a kan mutane da yawa, mai fitowa a jami'in kwastan ko lauya, da mai samo asusun bankin da kuɗi za su bi. A Disamban 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Legas, cikinsu har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jarin bogi. Waɗannan sana'arsu ke nan, safe da dare. Wanda suke nema kuwa sun san shi: wanda aka yi wa rasuwa, wadda aurenta ya mutu, mai zama shi kaɗai a baƙuwar ƙasa, mai matsuwar neman aiki. Binciken Farfesa Monica Whitty a Birtaniya ya nuna cewa waɗanda damfarar soyayya ta fi rutsawa da su masu matsakaicin shekaru ne, kuma masu ilimi. Halin da mutum ke ciki ake farauta, kuma kowa na iya shiga irinsa. Bazawarar da wani "Alhaji mazaunin Dubai" ya yi wa alkawarin aure, ya ce ta biya kuɗin fito da lefe daga filin jirgi, tarko ɗaya ta taka da matar Japan.

Alamomin ba su da yawa: ba a taɓa haɗuwa ba, kiran bidiyo kullum da uzuri, an nemi a ɓoye, sai an biya kafin a karɓa, kuma sunan da ke kan asusun ba na mai roƙon ba ne.

Babbar illar hukuncin majalisa ita ce shirun da yake haifarwa. A 2022 kusan mutum dubu 70 ne suka kai ƙarar damfarar soyayya ga hukumar kare masu sayayya ta Amurka, asararsu dala biliyan 1.3, kuma waɗannan su ne suka iya daurewa suka faɗa. Kuɗin da aka tura, cikin sa'o'i ake rarraba su zuwa wasu asusu, don haka duk kwanan da kunya ta ci yana rage damar banki ya riƙe su. Mai ɓoyewa kuma shi ake sake bi: wani ya kira shi da sunan jami'in da zai ƙwato masa dukiyarsa, in ya biya kuɗin buɗe fayil.

Saboda haka, ya ɗan uwa, ranar da ƙanwarka ko mahaifinka ya zo maka da irin wannan labari, ka ajiye faɗa. Ka hana shi tura ko sisi, kada ya goge saƙonni da rasitai, ku sanar da bankinsa a ranar, sannan ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.