Daga ƙafa zuwa mita, daga lita zuwa kilo: inda lissafin awo ke zamewa

Fuloti mai hamsin da ɗari sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa zama da dillalin fili a Kano, Kaduna ko Gusau. Faɗinsa ƙafa 50 ne, tsawonsa ƙafa 100. Amma idan safiyo ya kawo takardar awo, ba a ganin ƙafa a jikinta, sai murabba'in mita, wanda ake rubutawa m². A nan ne mai saye kan ɗauko waya ya buga lissafi: 50 sau 100 ya ba da 5,000, ƙafa ɗaya kuma mita 0.3048 ce, saboda haka 5,000 sau 0.3048 ya ba da 1,524. Sai ya duba takarda ya ga an rubuta 464.5, hankalinsa ya tashi, ya ce an cinye masa kashi biyu cikin uku na filinsa.

Babu wanda ya ci masa ko taku ɗaya. Safiyo ne ke da gaskiya, kuma kuskuren mai saye shi ne kuskuren da ya fi yawa a harkar sauya ma'auni.

Lambar 0.3048 ba ta da laifi. Tun 1959 ƙasashen da ke amfani da ma'aunin Ingila suka amince cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne daidai, wanda ya sa ƙafa ta zama mita 0.3048, inci kuma santimita 2.54. Da wannan ne za a gane cewa turmin atamfa mai yadi shida bai kai mita shida ba, kusan mita biyar da rabi ne. Sai dai wannan lamba ta tsawo ce kawai, wato awon da ke tafiya ta fuska ɗaya, kamar na igiya ko na titi. Fili kuwa fuska biyu gare shi, tsawo da faɗi, kuma kowace fuska tana bukatar nata sauyin. Ƙafa 50 ta koma mita 15.24, ƙafa 100 ta koma mita 30.48. Idan aka ninka su za a sami 464.5, daidai da abin da ke takardar. Mai saye ya sauya gefe ɗaya ne ya bar ɗayan a ƙafa, shi ya sa amsarsa ta ninka ta gaskiya fiye da sau uku.

Wanda ke son gajeriyar hanya zai iya ninka 0.3048 da kanta, ya sami 0.0929, sannan ya ninka 5,000 da wannan. Amsar ɗaya ce. Ta ɗaya ɓangaren, murabba'in mita ɗaya ya ƙunshi murabba'in ƙafa 10.76, duk da cewa mita ɗaya ƙafa 3.28 ce kawai. Wannan ya nuna hatsarin cinikin da ba a ambaci ma'auni ba. Hamsin da ɗari a mita rabin hekta ne cif, domin hekta murabba'in mita 10,000 ce, kuma a cikinsa za a yanka fuloti kusan goma sha ɗaya na hamsin da ɗari a ƙafa, in ba a fitar da hanya ba. Haka nan eka ba hekta ba ce. Eka murabba'in mita 4,047 ce, sai an haɗa kusan eka biyu da rabi kafin a sami hekta ɗaya. Manomin da aka ce ya zuba buhu kaza na taki a hekta, ya je ya zuba a eka, ya ninka abin da ake bukata sau biyu da rabi.

Ko a cikin ma'aunin mita kansa, inda komai ke tafiya goma-goma, tarkon yana nan. Kowa ya san mita ɗaya santimita 100 ce, sai mutum ya ɗauka murabba'in mita ma murabba'in santimita 100 ne. A gaskiya 100 sau 100 ne, wato 10,000. Mai sa tayil ya fi kowa sanin wannan. Tayil mai santimita 60 a kowane gefe yana rufe murabba'in santimita 3,600. Idan aka raba da 10,000 za a sami 0.36 na murabba'in mita. Ɗaki mai mita huɗu da mita uku murabba'in mita 12 ne, saboda haka yana cin tayil 34, ban da ƙarin da ake yi saboda yanka da fashewa. Da an raba 3,600 da 100 kawai, da lissafi ya nuna cewa tayil guda zai rufe ɗakuna uku, abin da ko yaro zai ƙi yarda da shi.

Idan aka zo kan abin da ke da ciki, kamar tanki, rami ko kwandon tifa, fuskokin sun zama uku: tsawo, faɗi da zurfi. Nan kuma sau uku ake amfani da lambar sauyi. Akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe shi ne kubik mita, ana rubuta shi m³, kuma a cikinsa akwai kubik santimita 100 sau 100 sau 100, wato miliyan ɗaya. Lita kuwa ita ce cikin akwati mai santimita goma ta kowane gefe, wato kubik santimita 1,000. Daga nan aka sami ƙa'idar da ya kamata kowane magini da mai sayar da ruwa ya haddace: kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. Kubik santimita ɗaya kuma shi ne mililita ɗaya, shi ya sa cc da ml da ake gani a jikin sirinji abu ɗaya suke nufi.

A ɗauki tankin ƙasa da birkila ya gina, tsawo ƙafa takwas, faɗi ƙafa shida, zurfi ƙafa biyar, duk awon daga ciki. Hanyar da ta fi aminci ita ce a mayar da kowane gefe mita tun kafin a ninka komai. Ƙafa takwas mita 2.44 ce, ƙafa shida mita 1.83, ƙafa biyar mita 1.52. Idan aka ninka ukun za a sami kusan kubik mita 6.8, wato lita 6,800, ko jarka mai lita 25 wajen 270. Wanda ya fara ninka takwas da shida da biyar ya sami 240, sannan ya ninka da 0.3048 sau ɗaya tak, zai fito da kubik mita 73, wato lita 73,000. Wannan ya fi abin da tankokin mai biyu masu lita 33,000 ke ɗauka, a ramin da bai kai girman ɗakin kwana ba. Irin wannan duba, na auna amsa da abin da ido ya saba gani, yana kama yawancin kurakurai kafin a kashe kuɗi.

Akwai kuma sunayen da ke yaudara. Galan na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79. Gangar ɗanyen mai da ake jin farashinta a labarai galan 42 ce ta Amurka, kusan lita 159, ba daidai take da duron da ke ɗaukar lita 200 ba. Duk inda aka ga galan a jikin famfo ko inji, sai a nemi sanin na wace ƙasa ne.

Tsallake daga lita zuwa kilo ya fi duk waɗannan bukatar hankali, domin babu lamba ɗaya da ke yi wa kowane abu aiki. Lita tana auna gurbin da abu ya cika, kilo yana auna nauyinsa. Ruwa ne kaɗai ya zo da sauƙi, lita ɗaya kilo ɗaya, saboda haka tankin lita 1,000 da aka ɗora a kan rufi tan guda ne na nauyi idan ya cika. Litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, litar man gyaɗa kuma ta ɗan haura giram 900. Mudu da tiya ma gurbi suke aunawa, shi ya sa tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo ba sa zuwa ɗaya a sikeli.

Abin da ya faru a Kanada ranar 23 ga Yuli, 1983 ya nuna inda wannan kuskure kan kai. Jirgin kamfanin Air Canada mai lamba 143, ƙirar Boeing 767, zai tashi daga Montreal zuwa Edmonton, ya biya ta Ottawa. Na'urar da ke nuna yawan mai a gaban matuƙa ba ta aiki, sai aka auna man da sanda daga ƙasan fukafukai, aka sami lita 7,682. Tafiyar tana bukatar kilo 22,300. A lokacin ƙasar tana tsakiyar komawa ma'aunin mita, kuma wannan sabon jirgi da kilo yake lissafi, alhali sauran jiragen kamfanin da laba suke yi, wato ma'aunin nauyi na Ingila wanda bai kai rabin kilo ba. Ma'aikata suka ninka 7,682 da 1.77, lambar da suka saba da ita, suka sami 13,597, suka ɗauka kilo ne. Amma 1.77 yawan laba ne a lita ɗaya. Lambar kilo kusan 0.8 ce, wadda da ta nuna cewa man da ke ciki kilo 6,169 ne kacal. Maimakon a ƙara lita kusan 20,000, sai aka ƙara ƙasa da 5,000.

Jirgin yana tafiya a tsayin ƙafa 41,000 man ya ƙare, injinan biyu suka mutu. Kyaftin Robert Pearson, wanda ya ƙware wajen tuƙa jirgi marar inji, shi da mataimakinsa Maurice Quintal suka lallaɓa da shi har suka sauka a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli na lardin Manitoba. Mutum 69 ne a ciki, kuma babu wanda ya rasa ransa.

Ninkawar da aka yi daidai ce, ko an maimaita ta sau goma amsa ɗaya za a samu. Abin da ya ɓace shi ne sunan ma'aunin a gefen lambar. Injiniyoyi da malaman kimiyya suna da dabarar hana wannan: a rubuta kowace lamba tare da ma'auninta, a rubuta lambar sauyi a matsayin sama da ƙasa, sannan a soke ma'aunin da ya bayyana sama ya kuma bayyana ƙasa. Da an rubuta lissafin jirgin haka, ga yadda zai fito:

7,682 L × 1.77 lb/L = 13,597 lb

Lita ta soke lita, abin da ya rage lb ne, alamar laba, ba kg ba, kuma duk mai ido zai ga cewa ba za a cire shi daga kilo 22,300 ba. Dabarar tana aiki a kan fili ma. Idan aka ninka ft² da m/ft sau ɗaya, ƙafa ɗaya ce ke sokewa, a bar mita sau ƙafa, ma'aunin da babu shi a takardar kowane safiyo. Wannan alama ce cewa da sauran ninki ɗaya.

Mai karatu da ke shirin sayen fili, gina tanki ko sa tayil, ya nemi a faɗa masa ma'aunin kowace lamba kafin a yi ciniki, ya mayar da duk gefuna zuwa mita kafin ya ninka su, kuma kada ya yanke lambobin bayan ɗigo sai a matakin ƙarshe. Idan takarda ta nuna 464 ko 465 a kan fuloti mai hamsin da ɗari, filin ya cika.