Lissafin Ƙarshe: Inda Ake Sanin Ainihin Kuɗin Kwangila

Kuɗin da aka sa wa hannu ranar bayar da kwangilar gini ba kasafai yake zama kuɗin da za a biya ba. Kafin a miƙa makulli an ƙara wani aiki, an soke wani, wani kuma tun farko kintatar kuɗinsa aka yi. Takardar da ke tattara duk wannan wuri guda ita ce lissafin ƙarshe. Masanin ƙiyasin kuɗin gini ne yake shirya ta, mai aiki da ɗan kwangila su sa hannu.

A ɗauka wata makaranta ta bayar da ginin ajujuwa a kan naira 60,000,000. A cikin kuɗin akwai miliyan 4 da aka ware wa rijiyar burtsatse, da miliyan 2 na ko-ta-kwana. Miliyan 4 ɗin nan kuɗin wucin gadi ne, an rubuta shi ne saboda babu wanda ya san zurfin da za a kai kafin a cim ma ruwa. Ɗan kwangila ba shi da haƙƙi a kansa don kawai yana cikin takarda. Ƙa'ida ita ce a cire shi gaba ɗaya, a cire na ko-ta-kwana, saura miliyan 54, sannan a dawo da abin da aka kashe a zahiri. An yi zaton mita 60, sai ruwa ya ƙi samuwa sai a mita 90, kuɗin rijiya ya kai 5,300,000. Jimla ta koma 59,300,000.

A nan kuɗin jama'a kan zurare, kuma abin yana damuna ƙwarai. Idan aka bar miliyan 4 a cikin kuɗin asali, aka ɗora 5,300,000 a kai, an biya rijiya ɗaya kusan sau biyu. Gane wannan ba wuya: duk kuɗin wucin gadi dole a gan shi a layin ragi kafin a ga kuɗinsa na gaskiya a layin ƙari. In ya fito a ƙari kaɗai, a tsaya a yi tambaya.

Sai canje-canjen da aka amince da su. Makaranta ta ce a sauya kwanon rufi zuwa mai kauri. Sabon ya ci 6,500,000, tsohon da ke cikin kwangila 4,200,000 ne, don haka bambancin kaɗai, wato 2,300,000, shi ne ƙari. An kuma fasa wani ɓangare na katanga, aka rage 1,100,000. Ainihin kuɗin aikin ya tsaya a 60,500,000.

Kowane canji yana buƙatar umarni a rubuce daga injiniya ko mai zanen ginin da kwangila ta ba wa iko, mai lamba da kwanan wata. Shugaban makaranta na iya zagayowa ya ce, “Malam, a taimaka a sa mana tayil a ofis,” ɗan kwangila ya ji nauyi ya sa. Idan ba a tabbatar da maganar a takarda ba, ranar lissafi da wuya kuɗin tayil ɗin ya shiga. Ƙananan ’yan kwangila da yawa a nan ribarsu take tafiya.

Daga nan a koma kan abin da za a cire. Aiki ya makara da mako 7, amma an amince da ƙarin mako 3 saboda sauyin rufi, tarar jinkiri ta hau kan mako 4 kawai. A kan naira 150,000 kowane mako da kwangila ta tanada, tarar ta zama 600,000. An riga an biya miliyan 55, har da kuɗin kafin alƙalami, wanda dole a tabbatar an lissafa shi cikin biyan baya. Abin da ya rage wa ɗan kwangila 4,900,000 ne.

Ba duka zai karɓa nan take ba. Yawanci ana riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki, a saki rabi ranar miƙa gini, rabin kuma sai wa'adin gyaran aibi ya cika, galibi wata 6 ko 12. A wannan aikin rabin ya kama 1,512,500. Zai karɓi 3,387,500 yanzu, ragowar kuma bayan ya gyara tsagewar bango ko yoyon da damina ta tona. Kuɗin riƙon nasa ne, jinkirta shi kawai aka yi, saɓanin tara da ta tafi ke nan. Haraji kuwa layinsa daban, ana lissafa shi bisa dokar da ke aiki lokacin biya.

Kafin sa hannu, ɗan kwangila ya duba ko akwai wani haƙƙi da bai shigar ba, domin a yawancin kwangiloli sa hannun yana rufe ƙofar neman ƙari. Mai aiki shi ma ya kwatanta adadin biyan baya da takardun banki, kada ya dogara da takardun shaidar biya kaɗai, tunda akan fitar da takardar shaida kuɗin bai shiga asusu ba.