Cire Tambari Daga Hotonka Ba Tare da Ka Dame Bayansa Ba

Mai sayar da huluna ya jera zanna bukar guda shida a kan tabarmar kaba, ya ɗauke su hoto da waya, ya rubuta sunan shagonsa da lambar wayarsa da fararen haruffa a tsakiya don kada wani ya ɗauka ya yi talla da shi. Bayan wani lokaci ya sauya layi, kuma yana son a buga hoton a allon shago. Ya duba ko'ina, ainihin hoton babu, sai mai tambarin kaɗai. Ya buɗe manhajar gyaran hoto, ya shafa yatsa a kan rubutun, rubutu ya tafi, amma inda ya tashi saƙar tabarma ta narke ta zama wani dogon tabo mai santsi. Duk wanda ya kalla idonsa can zai fara zuwa.

Wannan matsala ta masu hoton biki ce, ta teloli, ta masu sayar da atamfa, har da wanda wayarsa ke manna sunanta a ƙasan kowane hoto. Maganar nan kuwa a kan hoton da kai ka ɗauka ce. Idan tambarin mai situdiyo ne a hoton aurenka, ka koma wurinsa ka biya ya ba ka wanda babu tambari, domin guminsa ne, kuma nasa zai fi duk abin da za ka gyara kyau.

Kafin ka taɓa komai, sake neman na asali. Duba katin kyamara, duba kwandon shara na waya, duba Google Photos. Wanda ya fitar da hoton daga Lightroom ma ya huta, domin tambarin yana hawa ne kan kwafin da aka fitar kawai, na cikin manhajar yana nan kalau. Idan kuma kwafin yana hannun wani, ya turo maka ta WhatsApp a matsayin Document. Turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto, ta cinye ƙananan layukan saƙar da kake ƙoƙarin ceta.

To me ya sa bayan hoton ke damewa? Kayan gogewa irin su Healing na Snapseed ko Spot Healing Brush na Photoshop suna ɗauko wani yanki daga kusa, su ɗora a kan tabon, su daidaita haske da launinsa da na gefe. A kan sararin sama ko farin bango wannan ya wadatar. Amma tabarma tana da tsari: zaren kaba ya hau, ya nutse, ya sake hawa, ga jan layi da kore suna ratsawa. Idan yankin da aka ɗauko ya goce ko da rabin zare ne, layuka ba za su haɗu ba. Mutum ya ga bai yi ba ya sake shafawa, ya kuma shafawa, kowace shafa tana gauraya saƙa biyu da ba su dace ba, har haske da inuwar zaren su kashe juna.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne tambari iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Zuƙo hoton sosai ka leƙa cikin harafi ɗaya. In ba ka ga komai ba sai fari fat, abin da ke ƙasa ya tafi, sai dai a aro daga wani wuri. In kuwa kana hango saƙar tabarmar a ciki, ko da ta kwanta ta yi fari-fari, to tana nan da ranta, kamar gari ne a cikin hazo. Irin wannan bai kamata a goge shi ba sam. Janye farin ake yi, ainihin saƙar ta fito.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane ɗigo na hoto yana da lambar haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari tas. Idan aka ɗora farin rubutu mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, kowane ɗigo a ƙarƙashinsa ya zama kashi 70 na haskensa na da, haɗe da kashi 30 na 255. Ɗigon da yake 100 zai koma wajen 147, baƙi ƙirin kuma ya koma wajen 77. Wato duk hasken da ke cikin haruffan an matse shi tsakanin 77 da 255. Aikinka shi ne ka sake miƙe shi.

Idan ka manta ƙarfin da ka ba tambarin, hoton zai gaya maka. Nemi wuri mai duhu da harafi ya ratsa, misali inuwar da ke gindin hula. A Photoshop buɗe Info, ɗora linzami a wajen harafin dab da bakinsa, ka karanta lambar, sannan ka matsa cikin harafin ka sake karantawa. A ce ka sami 20 a waje, 90 a ciki:

```
(90 - 20) / (255 - 20) ≈ 0.30
0.30 x 255 ≈ 77
```

Ka gwada a wuri biyu ko uku, kana bin lambar launi ɗaya, ko R ko G ko B. In amsoshin sun yi kusa da juna ka kama hanya.

Sai zaɓen haruffan, kuma nan ne aikin yake cin lokaci. Tunda tambarin naka ne, kana da abin da wani ba shi da shi: ka san salon rubutun da ka yi amfani da shi, wataƙila ma fayil ɗin tambarin yana nan a ajiye. Sake rubuta kalmomin a sabon Layer da salo ɗaya da girma ɗaya, ka ba su jan launi don ka riƙa gani, ka riƙa matsa su da maɓallan kibiya ɗigo-ɗigo har su zauna daidai a kan tsofaffin. Danne Ctrl ka latsa ɗan hoton Layer ɗin rubutun, haruffan za su zaɓu. Ɓoye jan rubutun, ka ƙara Levels a matsayin Adjustment Layer, ka sa 77 a akwatin hagu na Input Levels inda 0 yake. Nan take farin zai janye, ɗigon da ya koma 147 ya dawo wajen 100, saƙar ta fito da kowane zare a mazauninsa, domin ba aro aka yi ba. A GIMP, wadda kyauta ce, Colors > Levels yana yin wannan aikin. In haruffan sun fito sun fi gefensu duhu, ka wuce gona da iri, rage lambar. In har yanzu suna da haske, ƙara kaɗan.

Hanyar tana da iyaka. Tambari mai ƙarfin kashi 80 ya bar wa saƙar matakan haske kusan 51 kawai, kuma miƙe su ninki biyar zai fito da ɓurɓushi da ƙananan murabba'ai. JPEG yana matse hoto ne a gida-gida na ɗigo 8 sau 8, yana kuma barin datti a bakin kowane harafi. Saboda haka ko a kashi 30, za ka ga wani siririn zobe ya rage a gefen haruffa, faɗin ɗigo ɗaya ko biyu. Gyara shi ya fi sake gina harafi gaba ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Wannan zoben, da tambarin da ya rufe komai, duk aikin Clone Stamp Tool ne. Buɗe sabon Layer babu komai a cikinsa, ka sa Sample a Current & Below, don ainihin hoton ya zauna ba a taɓa ba. Ka kunna Aligned. Opacity ka bar shi a 100%. Mutane da yawa suna rage shi zuwa rabi wai don gyaran ya yi laushi, alhali wannan ne babban abin da ke dame saƙa, tunda yana ɗora zane biyu a kan juna. Hardness ma kada ya yi ƙasa sosai, ka ajiye shi tsakanin 50% da 70%, buroshin kuma ya ɗan fi kaurin harafi kaɗan.

Inda za ka aro shi ne komai. Danne Alt ka latsa a wata alama da ba ta da ruɗani, kamar daidai inda jan layi ya gicciye zaren kaba. A GIMP Ctrl ake dannewa. Sannan ka fara shafawa daga irin wannan mahaɗar a kusa da harafin, yadda layi zai shiga layi. Aro daga gefe, dama ko hagu, a jeri ɗaya. Kada ka aro daga sama ko ƙasa, domin tabarmar da aka ɗauka a shimfiɗe saƙarta tana ƙanƙancewa yayin da take nisa da kyamara, kaifinta ma yana sauyawa. Yi gajerun shafa, ka sauya wurin aro bayan kowane harafi ko biyu. In ba haka ba, ɗan baƙin tabo ɗaya da ke jikin kaba zai bayyana sau huɗu a jere, ido kuwa ba ya kuskuren kama irin wannan.

Content-Aware Fill, wanda ya shigo Photoshop a 2010, yana taimakawa a kan yashi, ciyawa ko bangon laka, inda babu layukan da dole su haɗu. Ko a can, ka zaɓi harafi ɗaya-ɗaya maimakon ka zana ƙaton akwati, ka faɗaɗa zaɓin da ɗigo 2 ko 3 ta Select > Modify > Expand don ya haɗiye zoben. A kan tabarma, bulo ko aikin wuyan riga yakan karya layi, ni dai ba na sakar masa irin waɗannan wuraren. Inda rubutu ya hau kan hular kanta kuwa a ƙara kula: hula kaya ce ta sayarwa, kada gyara ya ƙirƙiro mata zanen da babu shi a jikinta.

Wani lokaci saƙa ta haɗu amma facin ya fi gefensa haske, don an aro shi daga inda rana ta fi bugawa. Kada ka sake shafawa. Ɗora Curves a kan Layer ɗin facin kaɗai ka sauke hasken har ya saje. In kuma ya fi gefensa santsi, Filter > Noise > Add Noise da kashi 1 ko 2, tare da Monochromatic, zai mayar masa da ɗan kaushin da kyamara ke bari.

Don gane ko aiki ya yi, kalli hoton a 100%, sannan ka ƙanƙanta shi zuwa girman fuskar waya, domin wani tabon sai daga nesa yake fitowa. Ɗora Curves mai tsanani na ɗan lokaci, inuwar haruffan da ta ɓuya za ta tona kanta. Allon shago yana faɗaɗa kowane kuskure, don haka a fara buga ɗan yankin da aka gyara a takarda kafin a biya kuɗin babba.

Idan ka gama, ajiye aikin a PSD ko TIFF, ka fitar da JPEG sau ɗaya tak. Sabuwar lambar wayar kuma ka ɗora ta a kan kwafi, wanda babu tambari ka adana shi a wuri biyu.